Sabuwar waya babu maɓallan ƙasa: wa ya saba da jan yatsa?

Direba a Jidda: Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya na sayi Samsung a Shari'a Falasɗin, yaron shagon ya kwashe min lambobi da hotuna daga tsohuwar, sai ya ce bari ya gyara min ita irin tasa. Da na koma gida na duba, maɓallan nan uku na ƙasa babu su, sai wani ɗan farin layi. Jiya da asuba na ɗauko mutane zuwa filin jirgi, taswira a buɗe, ina son in leƙa saƙon maigida in dawo, kowane ja na yi sai in tsinci kaina a fuskar waya. Sai da na faka a gefen hanya. Waɗanda suka saba, yaya kuka yi?

Mai gyaran waya, Shari'a Mansur: Wa alaikumus salam Alhaji. Kullum sai an kawo min irin wannan a shago. Ɗan layin nan shi ne ya gaji biyu daga cikin maɓallan, abin da ya raba aikinsu kuwa shi ne ko ka ɗage yatsa ko ka tsaya. In ka sa yatsa a kansa ka fizge sama ka saki, ka koma fuskar waya. In ka ja sama kamar gaɓar yatsa biyu ka tsaya cak ba ka ɗage ba, sai ka ga manhajojin da ke buɗe sun jeru, sannan ka saki. Kai fizga kake yi, shi ya sa kullum take kai ka gida.

Amma tsakanin taswira da saƙo ma ba ka buƙatar wannan. Ka goga yatsa a kan layin kansa zuwa dama, a kwance, manhajar da ka bari ta ƙarshe za ta dawo. Direbobin da na koya wa wannan ba su ƙara tambayar maɓalli ba. Komawa baya kuma ba a ƙasa yake ba: daga bakin gilashi, hagu ko dama, ka jawo ciki har ka ga 'yar kibiya ta fito, sai ka saki. In ka ga kibiyar ka fasa, mayar da yatsan bakin gilashi kafin ka ɗage.

Hajiya daga Misfala: Ni tawa matsalar ta fi taka ɗana. Ina cikin karanta saƙon 'yata sai komai ya tsuke ya koma lungu guda, sauran gilashin baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan, gilashi ya mutu, riyal ɗari nawa kuma. Na kashe na kunna ya dawo daidai, bayan kwana biyu ya sake. To ko zafin Makka ne?

Mai gyaran waya, Shari'a Mansur: Hajiya ba zafi ba ne, lafiyar gilashinki ƙalau. Wani ya kunna miki tsarin hannu ɗaya, wanda yake ƙanƙanta allo don babban yatsa ya kai ko'ina. Abin da ke tashe shi shi ne jan yatsa ƙasa a tsakiyar bakin ƙasa na waya, daidai wajen layin nan. Ke kuma in za ki koma saƙon sama kina fara ja ne daga can ƙasa. In ya sake, taɓa wurin baƙin nan sau ɗaya, zai buɗe. In ba kya sonsa sam, jika ya shiga Settings, sai Advanced features, sai One-handed mode, ya kashe.

Ɗalibi a Jami'ar Madina: Hajiya kar ki kashe, ki canza shi zuwa Button, sai kin taɓa maɓallin tsakiya sau biyu zai tsuke. Haka na yi. Ranar da na shiga Rauda, hannu ɗaya riƙe da takalmi a leda, da ɗayan na buɗe manhajar Nusuk na nuna izini, ba don shi ba da sai na ajiye kaya a cikin wannan turmutsitsin.

Mai gyaran waya, Shari'a Mansur: Malam, wannan sai mai maɓallai uku. Wanda ya koma jan yatsa ba shi da maɓallin tsakiyar da zai taɓa, zaɓin ma ba ya dannuwa. Hajiya, wayarki akwai maɓallan a ƙasa?

Hajiya daga Misfala: Akwai su. Ni ba wanda ya isa ya cire min.

Mai ɗinki a Riyad: To ni nawa labarin na sama ne. Na saba in ja daga sama in ga saƙonni da fitila da Wi-Fi wuri guda. Sabuwar da na saya, in na ja wani lokaci saƙonni ne kaɗai, wani lokaci kuma su fitila ne kaɗai. Wuta ta ɗauke min a ɗaki allura a hannu, na ja sau uku ban ga fitila ba. Daga baya na gane kusurwar dama ce ta su fitila, ko'ina ban da nan na saƙonni ne. Tun tsarin Samsung na One UI 7 aka raba su. Mai son tsohon tsari ya ja daga kusurwar dama, ya taɓa alamar fensir, ya shiga Panel settings, ya zaɓi Together. Ni na bar shi a rabe, sai dai na kunna Quick panel on left side tunda bahaguwa ce ni. Wani abu kuma da ƙanwata ta nuna min: kar ki taɓa alamar Wi-Fi ko Bluetooth ki saki, ki danne ta. Danne Wi-Fi yana kawo jerin hanyoyin da ke kusa, danne Bluetooth yana kawo abin kunne, ba sai kin bi ta Settings ba. Da fensir ɗin kuma na ɗauko fitila na kai ta layin farko.

Ɗalibi a Jami'ar Madina: Ai da yatsa biyu in kin ja daga sama duka allon yake saukowa lokaci guda.

Mai ɗinki a Riyad: Wannan amfaninsa ga wanda nasa ke haɗe ne. Nawa ja ɗaya ya wadatar.

Baƙo mai Umra: Jama'a ni ma wayar ce. Layin da na saya a filin jirgi data ta ƙare, yaya ake sa wata?

Mai ɗinki a Riyad: Bawan Allah ka shiga kowace baƙala ka ce katin caji, ba wannan ake yi ba a nan.

Direba a Jidda: Na gwada gogar layin, wallahi ta zauna, taswira da saƙo kamar juya shafi. Komawa baya ne har yanzu sai na ja sau biyu ko uku kafin kibiyar ta fito.

Mai gyaran waya, Shari'a Mansur: Wace irin riga ka sa mata? In mai kaurin baki ce, yatsanka ba ya farawa daga ainihin bakin gilashi, leɓen rigar ke tare shi. Cire ta ka gwada sau goma. In ya yi, rigar ce. Sai ka shiga Settings, Display, Navigation bar, More options, ka matsa Gesture sensitivity gaba mataki ɗaya. Kar ka kai shi ƙarshe, don in ka zo yanke hoto ko jan wani abu kusa da gefe, za ta riƙa fitar da kai. A nan Navigation bar ɗin kuma akwai Buttons in ka gaji.

Hajiya daga Misfala: Ka mayar da maɓallanka ɗana ka huta. Mutum yana tuƙi ina shi ina goge-goge.

Direba a Jidda: Hajiya ai a tsaye nake taɓawa, kyamarorin kan hanya na Sahir ba sa wasa. Rigar kuwa mai kauri ce, irin ta masu aikin gini. Na cire, sau goma ya yi tara. Na mayar na ƙara mataki ɗaya, ya yi bakwai. Zan ba ta zuwa Juma'a in gani.