Lokacin tara: yaya kuka yi da yaran da ke jingine da bango?

Malamin firamare, Unguwar Rogo: Assalamu alaikum. Tararmu minti 30 ce, yara sun kusa ɗari uku, fili ɗaya. Da an kaɗa ƙararrawa manyan 'yan aji biyar da shida sun mamaye shi da ƙwallo, saura kuma suna gindin bango suna cin ƙosai. Shugabar makaranta ta ce in tsara yadda kowa zai motsa. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Malama, Bukuru: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi ko igiya ɗaya, fara da ƙirga. Ka tsaya inda kake ganin filin duka, duk bayan minti biyar ka bi shi da ido daga hagu zuwa dama, ka rubuta nawa ne a zaune, nawa a tsaye, nawa ke tafiya, nawa ke gudu. Maza daban, mata daban, kwana uku a jere. Ihun 'yan ƙwallo yana ruɗar mutum, sai ka ɗauka makarantar duka tana wasa, alhali yara ashirin ne.

Da muka ga haka sai muka raba filin uku. Ƙwallo ta koma kashi ɗaya, biyar da biyar, ana sauya 'yan wasa duk minti bakwai. Kashi na biyu tsallen igiya da 'yar gala-gala, na uku langa da guje-guje. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu minti 60 a rana na motsin da ke sa numfashi ya ɗaga. Tara ba za ta cike wannan ba, amma in kowa ya samu minti 15 an rage nisa.

Malamin motsa jiki, Gangare: Ni a ganina wannan doguwar hanya ce. A jera su, kowa ya zagaya fili sau huɗu, an gama. Babu wanda zai ɓuya.

Malama, Bukuru: Gaskiyarka, Malam, gudun yana kama kowa, kuma muna yin irinsa da safe. Amma in ka sa shi a tara yara suna ɗaukarsa horo. Za ka gane tun sati na biyu: layin banɗaki zai yi tsawo, masu ciwon ciki su yawaita.

Wata uwa, Rikkos: Don Allah malamai, ɗana sikila ne. A tsohuwar makarantarsa kullum shi ke gadin jakunkuna, har ya daina son fita. Likitansa bai hana shi wasa ba, cewa ya yi ya sha ruwa sosai, ya huta da zarar ya gaji, a kiyaye shi da sanyi. Kun san Jos a Disamba da Janairu. Ku bar shi da rigar sanyinsa da gorar ruwa, kada a tilasta masa ƙarasa zagaye.

Tsohon hedimasta, Dilimi: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abin da na lura da shi shi ne wasan da ake fitar da wanda aka kama. Mai ƙiba da marar sauri su ake fara kamawa, su zauna har a koma aji, kuma don su aka yi tsarin. Mu mun sauya doka: wanda aka kama ya yi tsalle goma a gefe ya dawo. Igiya kuma, doguwa mai mita biyar kada ta wuce yara takwas. In sun kai ashirin, layi kawai suke bi. Igiya shida ta fi ƙwallon fata ɗaya amfani.

Malamin firamare, Unguwar Rogo: Baba, da me kuka shata filin? Namu jar ƙasa ce da tsakuwa.

Tsohon hedimasta, Dilimi: Toka da rani. Da damina ruwa ɗaya ke wanke ta, sai muka binne tsofaffin tayoyi rabi a kan iyaka. Gala-gala muka zana da fenti a simintin baranda, ranar ruwa can ake yi.

Malamar aji shida, Nasarawa: Mun raba fili kamar yadda aka ce, ƙanana sun karɓa, amma manyan 'yan matana ba su motsa ba. Ba sa son tsalle a gaban maza. Na kai su bayan aji da igiya, suna gaɗa, rabi suka shiga. Sauran sun ce minti 30 ba ya isa su bi layin mai awara, su ci, su yi wasa. Kuma wasu ba su karya a gida ba, ba zan ce su bar abinci ba.

Malama, Bukuru: Mu minti goma na farko na ci ne, sannan monita ya fito da buhun kayan wasa. Amma mai sayar da abincinmu ɗaya ce, layin kan cinye goman. Akwai wanda ya gwada fitar da ƙananan azuzuwa hutun tara kafin manya?