Wasannin ƙwaƙwalwa sun zame mini ruwan sha, ina masu wuyar gaske?

Gambo: Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Yawancin wasannin wasa ƙwaƙwalwa da nake ɗauka, kafin in kai tsakiya na riga na gane inda mai wasan ya dosa, sauran sai cika aiki. Na gama The Witness, na gama Patrick's Parabox, duka sun yi mini daɗi amma ba su hana ni barci ba. Ba na son wanda wuyarsa ita ce faɗin allo ko yawan akwatuna. Ina son wanda zan zauna ina kallon ɗan ƙaramin fili in rasa ta inda zan fara.

Ɗan Asabe: Ka koma Tetris kawai ka ƙure gudu. In ka kai inda tubalan ke zubowa kafin ka ƙifta ido za ka san akwai wuya.

Gambo: Na gode ɗan'uwa, amma wancan saurin hannu ne. Ni a ba ni duk lokacin duniya kuma in kasa, shi nake nema.

Malama Talatu: Malam Gambo, abin da ka kwatanta sunansa Stephen's Sausage Roll, na Stephen Lavelle, ya fito a 2016. Jikan Sokoban ne, wasan tura akwatuna na Japan na 1982, sai dai nan sosej kake turawa kan ƙarfen gashi. Kowane sosej yana cin gida biyu a tsawo, kuma yana da sama da ƙasa, ka ga ɓangare huɗu ke nan. Dole kowane ɓangare ya taɓa wuta sau ɗaya tak. Ya taɓa sau biyu ya ƙone, ya faɗa ruwa an tashi. Kai kuma kana riƙe da ƙaton cokali mai yatsu, saboda haka kai ma gida biyu kake ci, kuma duk sanda ka juya, cokalin yana share gidan da ke kusurwa, ya ture abin da ya tarar.

Ga abin da ya buɗe mini ido. In ka tura sosej ta kansa, zamewa yake yi, gefen da ke ƙasa yana nan a ƙasa. In ka tura shi ta gefe, mirginawa yake, kowane taku ɗaya ya kife. To a ce yana kwance a gicciye, ƙarfen gashi yana sahu na 1 da sahu na 3, sahu na 2 ƙasa ce zalla. Ka mirgina shi kan na 1, ƙasansa ya gasu. Ka ƙara taku, ɗanyen gefen ya kwanta a kan ƙasa inda babu wuta. Ka ƙara, gasasshen gefen ne ya dawo kan wuta, ya ƙone. Kuma ko ka zame shi hagu ko dama bai bar sahunsa ba. Ma'ana, a fili mai bai ɗaya, gefen da ya kalli ƙasa a sahu na 1 shi zai kalle ta a 3 da 5, ɗayan kuma nasa ne 2 da 4. Tun da na gane haka, kafin in motsa sai in ƙirga sahun kowane ƙarfe, in san wane sosej ne zai iya gasuwa a ina. Rabin hanyoyin da ake ɓata dare a kansu tun nan suke mutuwa.

Gambo: To in duk ƙarafen sun faɗo a sahu iri ɗaya fa?

Malama Talatu: A nan ne wasan ke gaya maka akwai abin da cokalinka yake iyawa wanda ba ka sani ba tukuna. In sosej ya jingina da bango ka danna shi, cokalin yana shigewa ciki, sai ka ja shi ba tare da ya mirgina ba. Ba sabon maɓalli aka ba ka ba, tun farko dokar tana nan, fili ne bai taɓa tilasta maka ita ba. Kuma bayan ka gasa komai sai ka koma daidai inda ka fara, saboda haka gasasshen sosej da ya tare maka hanya shi ma asara ne.

Auwalu: Haba Malama, ai kin fasa masa ƙwai. Wannan na soke cokalin da kin bar shi ya gano da kansa. Ni dai ban gama wasan ba, a matakin da ake kira The Great Tower na ajiye, kuma har yau ban yarda cewa hankali kaɗai ke cin sa ba. Akwai lalube a ciki. Ni Baba Is You na fi ba wa girma, na Arvi Teikari, 2019. Dokokin wasan kalmomi ne a kan allo da kake turawa. Bango ya tare ka saboda an rubuta `WALL IS STOP`, ka ture kalma ɗaya ka wuce ta cikinsa. Ka haɗa `WALL IS YOU` ka zama bangon da kanka. Babu abin da ba ya canzuwa, shi ya sa ya fi kowanne wuya.

Malama Talatu: Ka yi gaskiya a kan fasa ƙwan, Malam Gambo ya yi haƙuri. Amma ba komai ke canzuwa a Baba ba. Dokar da aka manna a kusurwa ko aka kewaye ba ka isa ka taɓa ta, kuma in an rubuta `ROCK IS ROCK` dutse ba zai rikiɗa ya zama wani abu ba ko me ka haɗa. Ni abin da nake fara yi shi ne raba dokokin gida biyu, waɗanda hannuna zai kai da waɗanda ba zai kai ba, sannan in tambayi kaina don me aka ajiye kowace kalma. Wuyarsa ta tsinkaye ce: ko dabarar ta faɗo maka ko ba ta faɗo ba. In ta faɗo, sau da yawa aiwatarwar ba ta da tsawo.

Uwar Biyu: Ni matsalata daban ce, ina tsoron wasan da zan maƙale in rasa abin yi gaba ɗaya, don lokacina guntu-guntu ne. Shi ya sa na zauna a Opus Magnum na Zachtronics. Kana haɗa inji da hannaye masu juyawa su ɗauki ƙwayoyi su harhaɗa. Samun injin da ke aiki ba wani abu ba ne, Yaya Gambo zai ce ya yi sauƙi. Amma in ka gama sai a auna ka da abu uku: tsadar kayan, yawan zagayen da injin ya yi, da filin da ya ci, a nuna maka inda ka tsaya cikin sauran masu wasa. Ka ƙara hannu don sauri, tsada ta hau. Ka rage zuwa hannu ɗaya, ya yi ta jan ƙafa. Akwai matakin da nake da inji uku a kansa, kowanne don ma'auni ɗaya, kuma na saurin har yanzu hannayensa biyu suna karo idan na matse lokacinsu da taku ɗaya.

Auwalu: Wannan ai aikin injiniya ne, ba kacici-kacici ba. Ba amsa ɗaya ake nema ba.

Uwar Biyu: Ka je ka rage zagaye biyu daga injin da kake ganin ya ƙure, sai ka dawo mu yi maganar.

Gambo: Na ji duka. Zan fara da na sosej ɗin, ko da an riga an tona mini cokali. Malama Talatu, tambaya ɗaya: in sosej ya hau kan wani sosej, lissafin sahun nan yana ci gaba da aiki?

Malama Talatu: Wannan kam Auwalu ya hana ni faɗa.