Sharhin madogara kan addini da tashin hankali: ina nake kuskure?

Hadiza, Gusau: Assalamu alaikum. Ina rubutun digiri na biyu kan rikicin Zamfara. Malamina ya dawo mini da jerin madogara mai sharhi, ya ce labari nake bayarwa, ban auna komai ba. Maƙalar Paul Lubeck ta 1985 kan 'yan Tatsine ce ta farko. Yaya zan gyara?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Rikicin Kano na Disamba 1980 ba shi za ki taƙaita ba, hujjar marubucin za ki taƙaita. Kalma 120 zuwa 150 sun isa. Jimla biyu ga da'awarsa, misali: "Lubeck yana ganin arzikin man fetur na shekarun 1970 ya rusa hanyoyin cin abincin gardawa a birni, tsadar rayuwa da wariya suka tura wasunsu wajen Muhammadu Marwa, wato Maitatsine." Ki lura da "yana ganin". Da kin cire shi, ra'ayinsa ya koma naki.

Aunawa kuma tambaya ce: da me ya kafa hujja? Ya daɗe yana bincike cikin ma'aikatan Kano, nan ƙarfinsa yake. Rauninsa, a ganina, ya fifita tattalin arziki, bai ba abin da Marwa yake wa'azi a kai fili daidai da haka ba. Ki rufe da jimla ɗaya kan aikinki: bayanin birnin Kano ne, ba zai hau kan dajin Zamfara kai tsaye ba, inda ake maganar shanu, burtali, zinariya da kuɗin fansa.

Bello Argungu: Ni dai in marubuci ba Musulmi ba ne, a rubuta cewa yana da son zuciya, shi ke nan.

Malam Sani: Malam Bello, duba matsayin marubuci daidai ne, amma addininsa ba hujja ba ce. Sai ka nuna shafin: ya dogara da bakin 'yan sanda kaɗai? Ya kira rikicin gona rikicin addini don ɓangarorin sun bambanta addini? Wannan ake rubutawa.

Hajiya Rabi: Ƙanwata, ki kula da alƙaluma. Mutum 4,177 da ake cewa sun mutu a rikicin Kano na 1980 adadin hukuma ne, daga kwamitin binciken Aniagolu. Littafi biyar da suka kwafo shi madogara ɗaya ce, ba biyar ba. Haka batun sunan da ake kiran masu rikici: sai Janairu 2022 gwamnatin tarayya ta wallafa ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, don haka ki duba shekarar rubutu kafin ki zargi marubuci da sassauci.

Nura: Ai tsarin rubuta madogara na APA ne matsalar, ki gyara shekara da waƙafi.

Hadiza: Wannan na gyara, Nura. Malam, to wa'azin da aka naɗa a waya fa, wanda ba shi da kwanan wata, ya shiga jerin?

Malam Sani: Sassan jami'a sun bambanta kan wannan. Ni zan ware shi cikin madogarar asali, in faɗi inda aka same shi, amma ki fara jin ta bakin malaminki.