Yaya zan fassara "bawana" ba tare da ya zama zagi ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina fassara wani gajeren fim da muka ɗauka a Tawa zuwa Ingilishi, fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, kuma wata uku ke nan ina fama, ga kwamfutata ta lalace sau biyu, ga mai fim yana kirana kullum daga Yamai. Akwai wurin da Bagobiri ya tare Bazabarme a kasuwa ya ce masa: "Kai bawana, ina kuɗin sharata?" Na rubuta "My slave, where is my sweeping money?" amma baƙon da na nuna wa ya ɓata rai maimakon ya yi dariya. Ina mafita?

Tsohon tafinta: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba ka faɗi daƙiƙa nawa maganar ta ɗauka ba, alhali daga nan ake farawa. Idan daƙiƙa 2 ce, kuma kana aiki da ma'aunin cewa mai kallo na karanta haruffa 17 a daƙiƙa, to 34 kawai gare ka, har da gurabun da ke tsakanin kalmomi, jimlarka kuwa ta kai 37. Sai dai babbar matsalar ita ce ka fassara kalmomi ka bar dangantaka. Mu mun san wasa ne tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, shi kuwa Bature da ya ga "slave" cinikin bayi ne zai faɗo masa a rai. Rubuta "Cousin, you owe me my yearly dues!" Haruffa 34 ne cif, kuma dariyar Bazabarmen da ke kan allo za ta ƙarasa sauran aikin.

Malama: Malam, ban yarda a cire bawa ba, domin nan gishirin yake. Wasan nan UNESCO ta amince da shi a matsayin gadon al'adar Nijar tun 2014, me ya sa za mu ɓoye shi? A sa bayani a saman allo.

Tsohon tafinta: Malama, a cikin daƙiƙa biyu idon mutum ba zai karanta sama da ƙasa ya kuma kalli fuskar mai magana ba. Wannan dabarar ta littafi ce.

Wani ɗan Yamai: Ni abin da ya dame ni, na taɓa fassara fim sukutum zuwa Faransanci, aka mayar da kowane "ranka ya daɗe" "Monsieur", kuma har yau ba a cika mini kuɗina ba.

Mai tambaya: Na gode, Baba, amma "cousin" zai sa a ɗauka 'yan uwan jini ne, alhali daga baya Bazabarmen zai nemi auren ƙanwar Bagobirin. Shi ya sa na bar bawa tun farko, kuma mai fim ma ya fi son haka.

Tsohon tafinta: Da ka faɗi zancen auren tun da wuri. Turo mini shafin gaba ɗaya tare da lokutansa.