A taimaka min da Hausar "Giram fozitif" da "Giram negatif" kafin Asabar

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ina yi wa ɗalibaina bitar darasin ƙwayoyin cuta a wata makarantar koyon aikin lafiya nan Kaduna, jarrabawa ta ƙarato. Na yi alkawarin tura musu bayani da murya cikin Hausa ranar Asabar, yadda za su riƙa kasa bakteriya gida-gida: launin da ta ɗauka, siffarta, ko tana son iska, da cutar da take jawowa. Siffa ba ta ba ni wahala ba, na ce masu ƙwallo da masu sanda. Inda na maƙale shi ne Giram fozitif da Giram negatif. Wani ya ce in ce "mai kyau" da "marar kyau", amma raina bai kwanta ba.

Baba Na Kawo: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki kuskura. Wace mai kyau? Wadda ke jawo maruru da wadda ke sarƙe wa jariri haƙora duk fozitif ne. Ki duba aikin da hannu ke yi, sunan na nan ciki. Za ki shafa samfuri siriri a gilashi, ya bushe, ki gifta shi ta kan wuta. Ki zuba rinin shunayya minti 1, ki ɗauraye, ki zuba aidin minti 1. Sai wankin sifirit ko asiton na 'yan daƙiƙu, sannan jan rini. Wadda bangonta ke da kauri za ta riƙe shunayyar duk da wankin, ita ce fozitif. Mai siririn bango za ta sake ta, ta koma fara, sai ta sha jan, ki gan ta ruwan hoda, ita ce negatif. Ni tun da daɗewa abin da nake gaya wa yaran da ke zuwa koyon aiki a lab shi ne "mai riƙo" da "mai zuba", kamar yadda ake cewa atamfa tana zuba.

Ɗan Tudun Wada: Ni fa Yaya, ba na gane wannan giram ɗin. Nauyin ƙwayar ake aunawa? Don an yi min gwajin taifod an ce fozitif ne, ke nan tawa Giram fozitif ce?

Maman Ilham: A'a ƙanena, ba awo ba ne. Sunan mutum ne, Hans Christian Gram, likita ɗan ƙasar Denmark, shi ya fito da dabarar a 1884. Ƙwayar taifod ma negatif ce, mai sanda. Ka ga irin ruɗanin da nake gudu ke nan. Bahaushe da ya ji "fozitif" sai gabansa ya faɗi.

Malam Sarkin Nahawu: Kafin a yi nisa. Me ya sa kuke ta cewa bakteriya alhali muna da ƙwayar cuta? Kuma "mai riƙo" a Hausa mai riƙe mutum a zuciya ne. Ni na daɗe da ƙirƙiro "shunau" da "jatau". Gajeru ne, kuma a kan tsarin harshe suke. Ku riƙa tuntuɓar masana kafin ku ɗora wa yara Hausar bakin titi.

Baba Na Kawo: Ranka ya daɗe, ƙwayar cuta ta haɗa da bairos da ta zazzaɓin cizon sauro, waɗanda wannan rinin bai shafe su ba. Jatau kuwa mutum ne, akwai shi a layinmu. Amma babbar matsalar sunan launi ita ce launi yakan yi ƙarya. Bari in ba da misali da sanƙarau, tunda mun san ɓarnar da ya yi a Arewa a 1996. An kawo ruwan ƙashin bayan yaro, ya yi gurɓi-gurɓi. Ka rina, ka ɗiga mai, ka leƙa ta madubin likita. In ka ga ƙwallaye bibbiyu ruwan hoda, sun fuskanci juna, wasu a cikin ƙwayoyin mugunya, wato fararen ƙwayoyin jini, to meningokokas ce, mai haddasa annoba. In ka ga bibbiyu shunayya, masu ɗan tsini a baki, to nimokokas ce. Yanzu a ce hannunka ya yi nauyi, ka bar asiton ya daɗe. Nimokokas ɗin za ta zubar da rininta ta fito ja, kai kuma ka rubuta meningokokas, a tayar da hankalin unguwa ana neman waɗanda suka yi cuɗanya da yaron. Haka ma in yaron ya riga ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko ƙwayar ta tsufa a farantin da ake raya ta a lab, bangon ya lalace, ba ta riƙewa sosai. Ɗalibin da ya haddace "jatau" ja kawai zai gani. Wanda ya san zancen riƙo da zuba ne zai tambayi kansa, shin ita ta zuba ko ni na wanke ta fiye da kima?

Hajiya Nas: Baba, to yaya mutum zai gane ya yi kuskuren? Ni a zatona in ka ga launi biyu a gilashi ɗaya, ƙwaya iri biyu ce kawai.

Baba Na Kawo: Wani lokaci haka ne, 'yata, musamman a mugunyar ciki. Amma in siffar ɗaya ce, jerin ɗaya ne, launi ne kawai ya bambanta, zargi hannunki tukuna. Dubi ƙwayoyin mugunyar da ke gefe: ja ya kamata su yi. In sun yi shunayya, wankin bai isa ba, ko shafin ya yi kauri. In kuma wuce gona da iri kike tsoro, rina wata da kika tabbatar mai riƙo ce tare da samfurin. In ita ma ta fito ja, sake aikin.

Malam Sarkin Nahawu: Bayani ya yi, amma wannan Hausar Kaduna ce. A Kano ba wanda zai karɓi "mai zuba" a littafi.

Ɗan Tudun Wada: Malam, marina a Ƙofar Mata ma zuba suke cewa. Kullum sai an ce mu 'yan Kaduna ba mu iya Hausa ba, alhali rediyon da ya raini kowa a nan yake.

Maman Ilham: Don Allah a bar faɗan gari, lokaci na tafiya. Saura na iska. Masu buƙatar oksijin, da waɗanda yake kashewa.

Ɗan Tudun Wada: Masu so ɗin ai 'yan iska ne.

Hajiya Nas: Allah ya shirye ka! Malama, ki ce "masoya iska" da "maguda iska". Maguda su ne na rauni mai zurfi, irin na taka ƙusa, inda ƙwayar tetanos ke samun wurin ɓuya. Mugunyarsu wari gare ta, kuma in aka bar samfurin a buɗe sukan mutu kafin a kai lab, sakamako ya fito ba a ga komai ba.

Baba Na Kawo: Na yarda da maguda. Amma na taifod da yawancin 'yan uwanta na hanji suna rayuwa ko da iska ko babu, kuma su ne ɗalibi zai fi haɗuwa da su. Gida biyu ba zai ishe ki ba. Ki kuma ware ƙwayar tarin fuka, bangonta na da maiƙo, wannan rinin ba ya kama ta sosai, nata rinin daban ne.

Malam Sarkin Nahawu: Na uku a ce "jemagu".

Maman Ilham: Malam, yara za su ɗauka jemage ke yaɗa su. Ga abin da zan yi: mai riƙon rini da mai zubar da rini, zan cika sunan saboda gyaran da kuka yi kan riƙo. Zan faɗi na Turancin sau ɗaya a farko, tunda da shi za su rubuta jarrabawa. Na ukun zan ce "masu rayuwa ko da iska ko babu" har a samo gajere.

Malam Sarkin Nahawu: Wannan ai jimla ce, ba suna ba. Ki tura haka tunda kina sauri, amma in za a buga a takarda ban sa hannu ba.