Aikin katin biki na cinye min lokaci, ya zan tsayar da farashi ɗaya?

Mai tambaya, Arkilla:
Salam 'yan uwa. Ina dizayin ɗin katin biki da CorelDraw, ina karɓar 5,000, amma kati ɗaya sai ya kai sati ana gyara, yau a ƙara sunan kawu gobe a canza kala, kuɗin kuma ba ya ƙaruwa. Ina son in mai da shi kamar kayan shago, a san abin da ke ciki, nawa ne, yaushe za a karɓa. Ta ina zan fara don Allah?

Mai shagon firintin, Emir Yahaya Road:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka fara da farashi, fara da buɗe WhatsApp ɗinka ka duba ayyukan da ka yi a baya, ka ga mine ne mutane sunka fi nema. Na tabbata za ka tarar kusan duk abu guda ne, katin ɗaurin aure da walima. To shi kaɗai za ka ɗaure a ƙunshi, logo da kalanda da fosta su tsaya gefe ana ciniki kansu daban.

Sai ka rubuta abin da ke ciki yadda ko yaro zai gane. Misali kati ɗaya fuska ɗaya, girman A5, a zaɓa cikin samfuri shida da ka riga ka tsara, Hausa ko Turanci, za ka ba da PDF na bugawa da hoto ɗaya na status 1080x1920, gyara sau biyu. Samfuran nan su ne ke rage maka aiki, don in ka bar mutum ya ce "yi min mai kyau kawai" to ba ranar gamawa, shi kanshi bai san abin da yake so ba sai ya ga abin da ba ya so. Kuma ka rubuta abin da babu a ciki: bugawa, katin kamu na mata, rubutun Larabci bayan Bismillah, fayil ɗin Corel.

Farashi kuma lissafi ne. A ce tsara katin awa ɗaya da rabi, gyara biyu rabin awa kowane, hira da kwastoma da tura fayil rabin awa, ka ga awa uku ke nan. In kana son awarka ta kawo 3,000 ya zama 9,000, ka ɗora 1,000 na data da mai, 10,000. Ka sa naka alƙaluman, nawa misali ne. Yanzu duba 5,000 ɗinka, in gyare-gyare sun ja shi awa takwas, awarka naira 625 take.

Mai tambaya:
Na gode yaya. To lokacin fa, in ce kwana biyu? Don wani sai ya turo rabin bayani ya ɓace, ya dawo yana faɗa wai na makara.

Mai shagon firintin:
Nan ne mafi yawa ke faɗuwa. Ka ce awa 48, amma ba daga sallama ba, daga lokacin da cikakken bayani da rabin kuɗi sunka shigo. Ka tanadi saƙo ɗaya da kake tura ma kowa ya cike: iyalan ango, iyalan amarya, sunan ango da amarya yadda za a rubuta su, rana, lokaci, masallaci ko ƙofar gidan da za a ɗaura, wurin walima, lambobin waya. In gurbi ɗaya ya rage, agogo bai fara ba. A rubuce kuma, ban da saƙon murya, don a murya ba ka sanin Abdullahi ne ko Abdallah, Muhammad ne ko Mohammed, kuma ka san yadda harafi ɗaya a sunan marigayi ke tada hankalin gida duka. Ka kuma duba kwanan watan a kalanda da kanka, sau da yawa za a rubuto maka Asabar alhali Juma'a ce.

Mai gaggawa awa 24, 15,000. Ka san iyakarka kuma, in kati biyu kake iyawa a rana kar ka karɓi bakwai ana gab da azumi lokacin da bukukuwa ke cunkushewa, ga zafin Sakkwato ga wuta ba tabbas, 48 ɗin za ta zama ƙarya.

Ɗalibi, Ɗanfodiyo:
Ni a ganina gyaran ne matsalar gaba ɗaya, a cire shi. A biya kuɗi duka, ka tura, shike nan. Kuma ka yi mataki uku, ƙarami, matsakaici da babba, mutane sun fi ɗaukar na tsakiya.

Mai shagon firintin:
Matakan suna aiki, amma ba yanzu ba, ya fara da ɗaya ya ga inda yake yoyo tukuna. Cire gyara kuwa a katin biki ba zai yiwu ba, gida biyu ne ke da magana a kai. Abin yi shi ne a faɗi mine ne gyara. Gyara ɗaya na nufin saƙo ɗaya da anka tara duk canje-canje a ciki, daga bakin mutum ɗaya da aka wakilta. In kuskurenka ne, kai ka rubuta suna ba daidai ba, kyauta ne ba ya shiga lissafi. In su sunka canza ra'ayi ya shiga, na uku 1,500. Canza samfuri bayan an fara kuwa sabon aiki ne.

Hajiya mai ɗinki, Mabera:
Ɗana wallahi kamar labarina kake ba da. Ni ma anko ya koya min, yanzu ɗinki iri uku gare ni na anko, kowane da kuɗinshi, mai son duwatsu ko aiki a wuya ta ƙara. Abin da zan ƙara maka, kar ka saki mai tsabta sai an cika kuɗi, ka tura wanda ka ratsa sunanka a kai, in ba haka ba da safe za ka gan shi a status ɗin dangi duka kai ko ana ce maka sai bayan biki. Kuma su rubuto "mun duba, a buga" kafin ka ba da na ƙarshe, ka aje saƙon.

Wani daga Runjin Sambo:
Malam kati 200 nawa za ka buga min mai ƙyalli? Bikin ƙanwata ne bayan Sallah.

Mai tambaya:
Allah ya sanya alheri, ni dizayin kawai nake yi ɗan uwa. Amma ka tuno min, yaya ko in haɗa da bugawa a ƙunshin? Da yawa suna tambaya.

Mai shagon firintin:
Ni mai bugawa ne amma ina ce maka a'a. Kuɗin takarda da tawada na motsi, kai kuma ka tsayar da farashi, hasarar kanka za ta faɗa, kuma lokacin ya koma hannun injin wani. Ka dai ba da fayil ɗin da ba za mu dawo maka da shi ba, CMYK, 300 dpi, ka bar milimita 3 a gefe don yanka, ka mai da rubutun curves don kar font ya sauya. In ka tura RGB, kalar da amarya ta gani tana haske a waya sai ta fito a dushe a takarda, kai za a kira ba mu ba.

Hajiya mai ɗinki:
Duk na yarda, amma 10,000 daga 5,000 a tashi ɗaya? Tsoffin kwastomominshi za su gudu, ga yara na yi da Canva a waya 2,000. Ni da 7,500 zan fara. Sannan in ɗiyar gwaggonka ce ke aure fa, ita ma gyara biyu za ka ce mata?

Mai shagon firintin:
Hajiya 'yan uwa a rage musu kuɗi ko a yafe, amma fom ɗin da gyara biyun su tsaya, don su ne ma sunka fi ja. Farashin kuwa ya gwada a kan sababbin mutane goma, in duka sun biya ba musu to akwai sauran wuri sama, in mafi yawa sun tafi ya rage abin da ke ciki kafin ya rage kuɗi, ya mai da gyara ɗaya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, zan tsara samfuran satin nan. Saura ɗaya, in an ɗage ranar biki bayan na ba da fayil, sauya kwanan wata kawai, in karɓi 1,500 ko in bari? Ba laifinsu ba ne wani lokacin, rasuwa ake yi.

Hajiya mai ɗinki:
In rasuwa ce ka bari ɗana, minti biyar ne. In ko kayan ɗaki ne ba su haɗu ba, ka karɓi kuɗinka.