Takardar odit ta zo makarantarmu, ta ina zan fara?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Ina da ƙaramar makaranta a Unguwar Rimi, malamai da masu gadi muke biya albashi. KADIRS, hukumar haraji ta jihar Kaduna, sun kawo takarda wai za su zo odit na harajin albashi daga 2021 zuwa 2024. Me zan tanada, kuma dole ne in ba su duk abin da suka ce?

Baban Khalifa: Hajiya kar ki ba kowa takarda sai da odar kotu, kuma ai ba sa wuce shekara uku baya.

Akanta: A'a Alhaji, ba sa buƙatar odar kotu kafin su nemi takardu, kuma shekara shida doka ta ba su, in akwai zamba ma suna iya wucewa. Hajiya fara da zuwa ofishinsu da kanki ki tabbatar takardar tasu ce, ki san sunayen masu zuwa, in ranar ta yi miki kusa ki rubuta ki nemi ƙarin lokaci a buga miki hatimi a kwafinki. Za su nemi jadawalin albashi na kowane wata, rasit ɗin PAYE, wato harajin albashin da kika biya, bayanin ma'aikata na shekara da ake kaiwa kafin ƙarshen Janairu, da sitatimen na bankin makaranta. Inda mutane ke faɗuwa shi ne sitatimen ɗin. Misali jadawali ya nuna albashi dubu 800 a wata amma banki ya nuna an tura wa mutane miliyan ɗaya da dubu 200, to wannan dubu 400 ɗin in ba ki nuna bauca cewa kuɗin magini ne ko na mai kawo littattafai ba, sai a lissafa shi albashin da kika ɓoye a ɗora haraji da tara da kuɗin ruwa. Kwafi za ki ba su, asali ya zauna hannunki, su sa hannu a jerin abin da suka karɓa.

Mai Atamfa: Mu dai a kasuwar Barci sitika suke manna mana mu biya shikenan.

Abu Sadiq: Wannan daban ne yaya. Hajiya ki kula da kwana 30 ɗin da ake bayarwa don ƙalubalantar harajin da suka yanka miki don Allah, ni takardar kimanta harajin ta kwanta a durowar sakatare har lokaci ya wuce, kuɗin ya tabbata a kaina.

Akanta: Gaskiya ne. Daga ranar da aka miƙo miki kimantawa kina da kwana 30 ki ƙalubalanta a rubuce, ki faɗi adadin da kika yarda da wanda ba ki yarda ba da dalili, maganar baki ba ta tsayar da lissafin kwanakin. In suka ƙi gyarawa sai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ta shiyyar arewa maso yamma a nan Kaduna take zama.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Amma wasu watannin daga asusuna na kaina na biya malamai, shi ma sai na ba su?

Akanta: Wannan kam ki zauna da akantanki da lauya kafin ranar, tunda kuɗin ya cakuɗe. Ki fara ware watannin tukuna.